Mai batir na Yamai ya yarda ya bar mini Damagaram, amma da sharaɗi uku

Mutari: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema kafin Litinin. Akwai mai shigo da batiran sola a Yamai da nake sari wajensa shekara biyu ke nan, kusan duka na amfiya 200 nake ɗauka. Mu uku ne ke sayar da tambarinsa a nan garin, kuma da zafi ya shigo sai sauran biyun su fara karya farashi. Na ce masa ya bar mini Damagaram ni kaɗai. Bai ƙi ba, amma ya kafa sharaɗi uku: in riƙa ɗaukar guda 60 kowane wata, in ajiye masa miliyan 5 jingina, in daina sayar da batirin kowane kamfani ban da nasa. Yana ba ni ɗaya jika 125 a mangazarsa, mota na kawo mini a jika 5, ina sayarwa 150. In amsa ko in ja da baya?

Isuhu Mai Sola: Wa alaikumus salam. Sittin a wata? Har da Agusta?

Mutari: Har da Agusta ya ce.

Hajiya Rabi: Ƙanena, kafin kowa ya ce maka komai, buɗe littafinka ka faɗa mana guda nawa ka sayar na tambarinsa bara, wata-wata. Ba abin da kake fata ba, abin da ya fita daga shago.

Mutari: 180, Hajiya. Maris, Afrilu da Mayu 30-30, sauran wata tara wajen 10-10. Na sauran kamfanoni kuma na sayar da kamar 120.

Nura: Yaya Mutari, me zai hana ka je ka yi rajistar sunan batirin a OAPI, hukumar rajistar tambari, da sunanka? Shi ke nan duk wanda ya sayar a nan sai ka kai shi kotu.

Malam Habu: Nura, wannan wata magana ce daban. OAPI da ke Yawunde tambari take karewa, kuma tambarin na masana'antar da ta ƙera batirin ne. Mutari ba mallakar suna yake nema ba, alkawari yake nema daga wanda ke ba shi kaya. In ya yi rajistar sunan da ya san na wani ne, rigima kawai ya jawo wa kansa, kuma mai kayan zai yanke shi ranar da ya ji.

Nura: To, na fahimta Malam.

Alhaji Lawali: Mutari, ka yi haƙuri zan ja magana, don irin wannan yarjejeniya ta karya mutane a kasuwar Dole fiye da yadda ta ɗaga su, kuma hanyar karyewar kusan guda ce kullum.

Abu na farko, mutum ba ya ba ka abin da shi kansa ba shi da shi. Wannan mai shigo da kaya, shin masana'antar ta ba shi Nijar shi kaɗai, ko kuwa shi ma sari yake yi kamar kowa? Ka ce ya nuna maka takardar da ke tsakaninsa da masana'anta. Ya rufe wajen farashi da hannunsa in ya ga dama, ba shi kake so ba. Abu uku za ka duba: ƙasar da aka ba shi, ranar da takardar za ta ƙare, da ko an ba shi izinin naɗa wasu a ƙarƙashinsa. In takardarsa saura wata takwas ta ƙare, kai kuma ya sa maka hannu na shekara biyu, to wata goma sha shida na ƙarshe iska ya sayar maka. In ya ce babu takarda sam, amana ce tsakaninsa da mutanen can, to ka san gobe wani a Yamai ko Maraɗi zai iya shigo da kwantena na wannan tambarin, ba abin da maigidanka zai iya yi.

Na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane. Ko da Nijar duka a hannunsa take, Kano ba ta hannunsa. Tsakaninmu da Kano bai kai tafiyar yini ba, ko ta Matamaye da Ɗan Barto ko ta Magarya. In akwai mai shigo da wannan tambarin a Najeriya, batirin zai zo Damagaram ko an so ko ba a so, biyu a bayan mota, huɗu ƙarƙashin buhuna. Ku tuna yadda naira ta zube daga tsakiyar 2023 zuwa 2024, kayan Kano suka riƙa sauka nan ƙasa da kuɗin da mai sari a Yamai ya biya. Wanda ya sa hannu kan 60 a wata a irin wannan lokaci yana nan zaune da kaya, maƙwabcinsa na sayar da irinsa sak da ragin jika 20, shi kuma wata na ƙarewa ana kiransa ya turo kuɗin lodi na gaba.

Saboda haka kada ka roƙe shi ya yi maka alkawarin cewa ba wanda zai sayar da batirin a gari. Ba zai iya ba, kuma in ya amsa da sauri ma ka ji tsoronsa. Ka roƙi abin da ke hannunsa, abu huɗu ne. Ba zai naɗa wani mai sari a yankinka ba. Shi da kansa ba zai sayar wa ɗan kasuwar yankinka kai tsaye ba. Duk wanda ya kira shi daga nan yana neman kaya zai turo shi wajenka. Garanti kuma ba zai amsa shi kan batirin da ke Damagaram ba sai wanda lambarsa ke cikin faktir ɗinka. Wannan na ƙarshen shi ne makaminka na gaske kan kayan Kano, domin mai sayen batirin jika 150 yana tambayar inda zai mayar da shi in ya kumbura.

Na uku, ƙofar baya. Kusan duk mai shigo da kaya yana son ya riƙe manyan masu saye a hannunsa: ƙungiyoyin agaji, ma'aikatun gwamnati, masu kwangilar famfunan sola da asibitoci. Ofisoshinsu na Yamai, a can ake biya, amma kayan a nan ake saukewa. Oda ɗaya irin wannan tana iya kai batir 40, cinikinka na wata huɗu ke nan a lokacin da ba zafi. In takarda ba ta ce komai ba, zai ce maka a Yamai ya sayar, bai taɓa garinka ba. Ka sa a rubuta cewa wurin da aka sauke kaya ko aka ɗaura su shi ake dubawa, ba wurin da aka biya ba. In ya nace sai ya riƙe waɗannan, ka yarda, amma da la'adarka, ko da kashi 3 ne cikin ɗari, kuma a lissafa su cikin adadin da aka ɗora maka. Domin ranar da batirin asibitin ya mutu, shagonka za a zo.

Isuhu Mai Sola: Allah ya ƙara girma Alhaji. Maganar garanti da lamba ita ce.

Abdu Maraɗi: Alhaji, ranka ya daɗe, na ji ka ambaci Maraɗi. Kullum in kaya suka yi arha a Damagaram sai a ce mu ne. Mu ba mu kawo muku komai, mutanenku ne ke hawa mota su zo su saya. In mutum ya shigo shagona da kuɗinsa in tambaye shi katin ɗan ƙasa?

Isuhu Mai Sola: Wanda ya zo da kansa ya sayi biyu daban, wanda ke cika mota duk Alhamis ya sauke a tasharmu daban. Ka san su, Abdu.

Abdu Maraɗi: Na san masu yi, amma ba duk Maraɗi ba ce.

Malam Habu: Ku dakata, wannan gardamar taku tana cikin takardar Mutari. Abin da Isuhu ya bambanta shi ne daidai. Ana iya rubuta cewa wakilin Maraɗi ba zai buɗe reshe a nan ba, ba zai ajiye kaya a nan ba, ba zai turo yaransa neman ciniki a nan ba. Amma a ce ya kori ɗan Damagaram da ya je shagonsa da ƙafarsa, wannan ba ya yiwuwa a aikace, kuma yana iya cin karo da dokar gasa ta 2002 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu masu kuɗin sefa, wadda ta hana ƴan kasuwa haɗa baki su raba kasuwa ko su ƙayyade farashi. Don haka ma kada a rubuta cewa dole kowa ya sayar a 150. A rubuta farashin da ake ba da shawara a kansa, ya isa.

Alhaji Lawali: Abin da ke tsare ka daga Maraɗi ba hani ba ne, farashi ne. A rubuta cewa ba wani mai sari a Nijar da zai samu kayan ƙasa da kuɗin da ake ba ka. In wakilin Maraɗi na saye 115 kai kana saye 125, kilomita 235 ba za su hana kayansa zuwa ba.

Hajiya Rabi: Na dawo da lissafi. Mutari, 60 a wata 720 ne a shekara, kai kuma 180 ka sayar, ninki huɗu ke nan. Kowane wata miliyan 7 da rabi za ka riƙa turawa. Sauran biyun nan, guda nawa suke ɗauka a shekara su biyu?

Mutari: Direban da ke kawo mana ya ce tsakanin 110 da 130.

Hajiya Rabi: Mu ce 120. Ke nan duk garin nan 300 yake ci na wannan tambarin, kuma mai kayan ya fi kowa sani, faktir ɗin na hannunsa. Sittin da ya faɗa bakin ciniki ne. Ka mayar masa da 300 a shekarar farko, kuma ba wata-wata ba, wata uku-uku, gwargwadon yadda kasuwa ke tafiya: 80 daga Janairu zuwa Maris, 110 daga Afrilu zuwa Yuni, 50 a damina, 60 a ƙarshen shekara.

Yanzu ribar. A yau kana cin jika 20 kan kowane batir, 180 sun ba ka miliyan 3 da jika 600. Na sauran kamfanoni 120, in ribarsu ɗaya ce, miliyan 2 da jika 400. Jimla miliyan 6. In ka zama wakili da farashin yau ba tare da ragi ba, maƙwabtanka biyu dole ka sayar musu da sari, ka ce 140, riba 10 kan 120, miliyan 1 da jika 200. Ka haɗa da naka, miliyan 4 da jika 800. Ka ga ka bar miliyan 6 ka koma ƙasa da 5, ga miliyan 5 ɗinka kwance a Yamai. Wannan ba wakilci ba ne, aikin banza ne da sunan girma.

In kuwa ya sauko maka zuwa 115, kayan sun iso shago a 120. Naka 180 riba 30, miliyan 5 da jika 400. Maƙwabta ka ba su 135, riba 15 kan 120, miliyan 1 da jika 800. Jimla miliyan 7 da jika 200. Ka fi na yau da miliyan 1 da jika 200 kawai, kuma ban cire kuɗin ƙarin mangaza da yaron da zai bi garanti ba. Saboda haka ragin jika 10 shi ne ƙasan abin da za ka amsa in har zai hana ka sauran kamfanoni. In ya ƙi ragi, kai ma ka ƙi sharaɗi na uku.

Mutari: Hajiya Allah ya saka. Ban taɓa cire ribar sauran kamfanonin ba a lissafina.

Abdu Maraɗi: Amma Hajiya kin ɗauka duk mai sayen wani tambari zai juya ya tafi. Rabi za su karɓi abin da ke shago in an yi musu bayani.

Hajiya Rabi: Wataƙila. Amma ba a sa hannu kan wataƙila, Abdu. In sun juya, alheri ne ya ƙaru.

Sani Tiransit: Ni dai abin da na sani, kada ka damu da ranar rabuwa. Dokar OHADA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi a harkar kasuwanci, ta ce in mai kaya ya kori wakilinsa dole ya ba shi sanarwa kuma ya biya shi diyya. An yi wa wani abokin aikina haka ya ci.

Malam Habu: Sani, rabin maganarka gaskiya ce. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a Lome a Disamban 2010, ta ba da wannan kariya, amma ga wakilin da ke sayarwa da sunan mai kaya yana karɓar la'ada, kayan ba nasa ba ne. Shi ke da sanarwar wata ɗaya a shekarar farko, wata biyu a ta biyu, wata uku daga ta uku, kuma shi ke da diyya in aka sallame shi ba da laifinsa ba. Irin wannan wakili in an keɓe masa yanki, yana da la'ada kan cinikin da aka yi a yankin ko ba ta hannunsa aka bi ba. Mutari kuwa saye yake da kuɗinsa ya sayar da sunansa. A baki muna ce masa wakili, a gaban alƙali mai saye ne ya sayar. Shi ba shi da komai sai abin da aka rubuta. Saboda haka ranar rabuwa ita ce ma ya kamata ya fi damuwa da ita.

Sani Tiransit: To abokin nawa la'ada yake ci, gaskiya ne.

Malam Habu: Ka gani. Mutari, ga abin da za a rubuta game da rabuwa. Wa'adi shekara biyu, don shekara ɗaya zafi ɗaya ne kawai, kana gama tallata masa kaya lokaci ya cika. Sanarwar wata uku a rubuce daga kowane ɓangare. In shi ya janye, ya karɓi kayan da suka rage wajenka waɗanda ba a buɗe ba a kuɗin da ka saya, ko ya bar ka ka ƙarasa sayar da su cikin wata shida da garantinsu. Sannan a faɗi abin da zai faru in ka kasa cika adadi. Kada ya zama wata uku ɗaya ka gaza sai a ƙwace komai. A ce in ka yi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari sau biyu a jere, keɓewar ta faɗi, ka koma mai sari kamar da, ba tara, ba taɓa jinginarka.

Isuhu Mai Sola: Bari in sa baki kan kayan kansu, don su ne dalilin da 60 ba za ta yiwu ba ko da kuɗin na nan. Batir ba siminti ba ne da za a jibge. Yana zubar da caji yana zaune, wajen kashi 3 cikin ɗari a wata in wuri na da sanyi, kuma duk ƙarin digiri 10 na zafi abin na kusan ninkawa. Mangazar kwano a watan Afrilu kun san yadda take. Batirin da ya zauna wata biyar ba caji, farantansa sun fara yin gishiri, za ka sayar ya yi wata takwas ya dawo, masana'anta ta ce laifin ajiya ne. In kana karɓar 60 kana fitar da 25, kafin wata huɗu kana da 140 a ƙasa, kowane wajen kilo 60, kuma sai ka riƙa bin su da caja ɗaya-ɗaya.

Sannan a takarda a sa cewa ba za a turo maka batirin da ya wuce wata shida daga ranar ƙera shi ba, kuma duk wanda aka auna a wajen saukewa ya nuna ƙasa da bolt 12.5 kana da ikon mayarwa, kuɗin mota a kansa. Wanda aka keɓe wa gari shi ake turo wa tsohon kaya, don an san ba shi da inda zai je. Ka auna kowane ɗaya ranar da ya sauka, ka rubuta lamba da awo a littafi, direba ya sa hannu.

Malam Habu: Kuma in Mutari ya ga aibi ya yi saurin faɗa wa mai kayan. A dokar OHADA, aibin da ake iya gani ranar karɓar kaya, wata ɗaya mai saye ke da shi ya sanar da mai sayarwa, in ya wuce ya rasa bakin magana. Saƙo a rubuce, ba kiran waya ba.

Nura: Yaya Isuhu, tunda ana maganar, na ruwa ko na jel wanne ya fi jure zafin nan?

Isuhu Mai Sola: Na ruwa mai dogon tulu, in mai shi zai riƙa duba ruwan. Mafi yawa ba sa dubawa.

Abdu Maraɗi: Litiyom ya kusa kashe su duka biyun, ku bar wahala.

Isuhu Mai Sola: Ya kashe su a gidan mai kuɗi. Mai firiza ɗaya da ke sayar da ƙanƙara a Garin Malam bai kai can ba tukuna.

Alhaji Lawali: Abdu ya taɓo abu ba da niyya ba. Mutari, "batiran kamfanin" da za a rubuta, waɗanne? In shekara mai zuwa maigidanka ya shigo da litiyom na wannan tambarin, ko inbata, zai iya ba wani a garin nan ya ce ai ba su cikin maganarku. A lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya a takarda ta daban da za a liƙa, kuma a ce duk sabon kaya na tambarin kai za a fara yi wa tayi, kana da kwana 30 ka amsa. Haka sharaɗin hana ka sauran kamfanoni, ya tsaya kan irin batirin da yake ba ka kaɗai. Kada ka wayi gari an hana ka sayar da litiyom ɗin wani alhali shi ba shi da shi.

Sani Tiransit: Ni ta wajen hanya zan yi magana. Tun 2023 da iyakar Benin ta rufe, kaya da yawa ta Lome da Burkina suke biyowa, kuma ba mai iya ce maka ga ranar da kwantena za ta iso Yamai. Idan an ɗaure ka da tambari ɗaya, kayansa suka yanke a watan Afrilu, shagonka fanko ne a lokacin da ake rabin cinikin shekara. Dole a rubuta cewa in ka yi oda ka biya, kwana 15 suka wuce ba a loda ba, adadin wannan zangon ya ragu daidai da abin da aka kasa ba ka, kuma kana da izinin sayar da na wasu har kaya su dawo.

Hajiya Rabi: Wannan karon Sani ya faɗi cikakkiya.

Mutari: To jinginar miliyan 5 fa? Ita ta fi tsaya mini a rai.

Hajiya Rabi: Bashi yake ba ka?

Mutari: A'a, sai na tura kuɗi ake lodi.

Hajiya Rabi: To jinginar me? Jingina bashi take tsarewa. Miliyan 5 batir 41 ne a farashin 120, ka ba shi jari kyauta ya juya. Ko dai ya ba ka kaya na kwana 30 ko 45 sannan a yi maganar jingina, ko ka ci gaba da biya kafin lodi ba jingina. In yana son ya ga da gaske kake, ka yi odar farko mai kauri, guda 40, kuɗi hannu.

Alhaji Lawali: Hajiya, a nan ban bi ki duka ba. Mutumin zai rufe ƙofa ga masu saye biyu da ke biyansa shekara da shekaru, yana da haƙƙin ya riƙe wani abu. Ni da zan ce miliyan 2, a rubuta ranar mayarwa, ko a cinye ta cikin kaya bayan wata shida in Mutari ya cika adadi.

Hajiya Rabi: Alhaji, masu saye biyun ba ɓacewa za su yi ba, ta hannun Mutari za su bi. Shi bai rasa ko batir ɗaya ba, ya ma huta da bin mutum uku.

Alhaji Lawali: In sun yarda su bi ta hannunsa. Shi ya sa nake cewa, Mutari, kada su ji labarin a bakin direba. Ka samu dattijo a layinku ku je ku same su kafin ka sa hannu, ka faɗa musu farashin da za ka ba su, kuma kaya a ƙofar shagonsu ba jiran mota daga Yamai. In suka ji an yi musu yankan baya, washegari za su kama hanyar Kano ko su ɗauko wani tambari su yi ta kushe naka, 120 ɗin da Hajiya ta lissafa maka ta tafi, adadin 300 kuma na wuyanka.

Malam Habu: Saura iyaka. Kada a rubuta "Damagaram" kawai. Kalmar na iya nufin birnin da gundumominsa biyar, tana iya nufin jihar gaba ɗaya har Gure da Tanut da Magarya, ga kuma Damagaram Takaya can daban. In birni kaɗai aka ba ka, ana iya naɗa wani a Mirriya, ƙasa da kilomita 20, ya riƙa shigo da kaya a adaidaita. In ka karɓi jiha duka za a ɗora maka adadin da ba ka da ƙafar cikawa. Ni zan ce birni da Mirriya a keɓe, sauran jihar kuma a ce ba za a naɗa kowa ba sai an fara yi maka tayi.

Wanda zai sa hannu ya zama shugaban kamfanin da sunansa ke kan RCCM, wato takardar rajistar kasuwanci, ba yaron da ke kula da ciniki ba, a sa lambar haraji, NIF, ta kowa da hatimi, kowane shafi a sa alamar hannu, a kai ofishin haraji a yi rajista don ranar ta tabbata. Ka nemi a ce in rigima ta taso a kotun Zinder za a yi, shi zai ce Yamai. Kusan kilomita 900 ne, duk zaman kotu kwana uku ne daga shagonka.

Abdu Maraɗi: Ba zai yarda da Zinder ba, ba mai kaya da ke yarda.

Malam Habu: Mai yiwuwa. Shi ya sa ya fi kyau a sa hukuncin da ba ya buƙatar kotu. Duk batirin da aka samu a shagon ɗan kasuwa a yankin, lambarsa ta nuna daga mangazar Yamai ya fito ba ta faktir ɗin Mutari ba, a cire wa Mutari jika 15 a odarsa ta gaba. Hoton lambar ya isa ga ɗaya ko biyu. In lodi ne guda, a kira wusiye, ma'aikacin shari'a, ya zo ya gani ya rubuta.

Nura: Yaya za a san daga Yamai ya fito ba daga Kano ba?

Isuhu Mai Sola: Sai mai kayan ya yarda ya riƙa ba da jerin lambobin kowace kwantena da ya shigo da ita. In ya ƙi wannan, maganar jika 15 ba ta da amfani.

Mutari: Na rubuta duka. Litinin zan fara da takardarsa ta masana'anta da jerin lambobi, in ya nuna sai mu shiga 300 da 115. Jingina har yanzu ban san wanda zan bi ba tsakanin Alhaji da Hajiya.

Hajiya Rabi: Ka fara da babu. In ya matsa ka sauka kan ta Alhaji.

Alhaji Lawali: Kada dai ka tura ko dala kafin hannu ya hau takarda.

Sani Tiransit: Wa ke da lambar direban da ke tashi Yamai ranar Asabar? Ina da fano 12 a tasha.